Saƙon neman ganawa: yaya za a rubuta shi har mutum ya iya amsawa da layi ɗaya?

Sakataren_Gyaɗa: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin biro. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman gyaɗa ta wajen Tibiri. Muna son ganin shugaban wani asusun ba da rance a nan Maradi kan maganar warantaji, wato rancen da ake bayarwa a kan kayan gona da aka ajiye jingina a mangaza, tunda kaka ta yi, kaya sun fara shiga mangaza. Ga abin da na tura masa ta WhatsApp ranar Talata 28 ga Oktoba: "Assalamu alaikum ranka ya daɗe, ina kwana, ya aiki, ya iyali? Don Allah muna son mu zo mu gan ka kan wata muhimmiyar magana idan ka samu lokaci. Na gode." Alamar ta yi shuɗi tun ranar, yau Litinin kwana shida, shiru. Shin laifin saƙon ne, ko in sake turawa haka nan?

Hajiya_Biro: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka sake tura shi haka. Babu rashin ladabi a cikin saƙonka, matsalarsa ita ce aikin da ya ɗora wa mutumin. Ka sa kanka a kujerarsa. Kafin ya iya amsa maka, sai ya tambaye ka su wane ne "mu", wace magana ce, za ta ɗauki minti nawa, shi ya kamata ku gani ko mai kula da rance. Bayan ya ji duk wannan sai ya buɗe ajandarsa ya nemo muku rana. Saƙo huɗu ko biyar ke nan tsakaninku kafin a tsaida lokaci. Mutumin da mutum goma ke jira a bakin ƙofarsa in ya ga irin wannan saƙo, yakan ce a ransa sai an jima, kuma kafin an jimar saƙonni arba'in sun danne naka.

Gyaran shi ne duk tambayar da ka san zai yi, ka amsa ta tun a saƙon farko, sannan kai ka kawo lokutan, shi nasa kawai ya zaɓa. Ga yadda zan rubuta da ni ce:

"Assalamu alaikum ranka ya daɗe. Ni ne sakataren ƙungiyar manoman gyaɗa ta wajen Tibiri. Muna roƙon ganawar minti 30 a biro ɗinka, ni da shugabanmu da ma'aji, kan rancen warantaji na bana. Muna da buhu 240 a mangaza. Abu biyu muke son a tsayar: ko asusunku zai karɓi dosiyenmu bana, da ranar da za a turo mai duba mangaza. Ga lokutan da muke iya zuwa:
A. Talata 11 ga Nuwamba, ƙarfe 10 zuwa 10 da rabi na safe
B. Laraba 12 ga Nuwamba, ƙarfe 11 zuwa 11 da rabi na safe
C. Alhamis 13 ga Nuwamba, ƙarfe 3 zuwa 3 da rabi na yamma
Ko da harafi ɗaya ka amsa ya isa. In babu wanda ya dace, ka faɗi ranar da ka ga dama a makon, za mu zo. Allah ya ƙara girma."

Adadin buhun misali ne, ka sa naku na gaskiya. Ka lura yana iya amsa wannan yana tafiya zuwa mota, da babban yatsa ɗaya.

ƊanZariya2: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ni a ganina lokaci uku ya yi kaɗan ga babban mutum. Ka ba shi kamar shida ko bakwai, safe da yamma, daga Litinin har Juma'a. In zaɓi ya yi yawa dole ɗaya ya faɗa inda yake da sarari.

Hajiya_Biro: @ƊanZariya2 inda ka yi daidai shi ne kada lokutan su taru wuri guda. In ukun duka safiyar Talata ne, kuma ranar ya tafi Tasawa, duka sun faɗi tare. Shi ya sa na raba su kwana uku, biyu da safe ɗaya da yamma. Amma bakwai yana da lahani biyu. Na farko, sai ya zauna ya gwada kowane da ajandarsa, aikin da muke son ɗauke masa ya dawo. Na biyu ya fi muni, kuma a kan mai roƙon yake faɗawa: duk lokacin da ka miƙa wa mutum, ka ɗaure kanka da shi har sai ya amsa. Sakatare da shugaba da ma'aji, mutum uku manoma a tsakiyar kaka, ba za su iya riƙe rabin yini bakwai suna jiran amsa ba. Ƙarshenta ya zaɓi na biyar, a tarar ma'aji ya yi alkawarin sussuka a ranar, ka koma kana ba da haƙuri. Gara uku da ka tabbatar da su.

Rabi_Kwantabul: Abin da Hajiya ta faɗa a ƙarshe shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Kafin ka tura wa shugaban asusun komai, ka fara kiran mutanenka biyu ka ce: Talata 10, Laraba 11, Alhamis 3, duka kuna nan? Sai sun ce e ga ukun sannan saƙon ya fita. Kuma tunda an ɗaure su, ka ƙara layi ɗaya da zai kwance su: "Muna roƙon amsa kafin Juma'a 7 ga wata da rana, don mu shirya tafiya." Dalilin da ka haɗa da shi, wato shirin tafiya, shi ke hana layin ya yi kama da umarni.

Litinin da Juma'a kuma ni ba zan sa su ba ko kaɗan. Ranakun kasuwar Maradi ne, gari a cike, masu hulɗa da asusu suna ta shige da fice da kuɗi. Juma'a ga sallah, aiki rabin yini ne a wurare da yawa.

Malam_Na_Bagalam: Ƴaƴana, na karanta abin da kuka rubuta, akwai hikima ciki, amma akwai abin da ya tsaya mini. Yaro mai neman alfarma shi zai yanka wa babba lokaci, har ya ce masa A ko B ko C kamar ɗan lakwal a gaban jarrabawa? Mu abin da muka taso muka tarar, mai nema shi ke cewa duk lokacin da ka ga dama. Kuma gaisuwar da aka datse, babu ya iyali babu ya gajiya, wani dattijon daga nan zai ce yaron nan bai da tarbiyya. Saƙon farko na Sakatare ni ban ga aibinsa ba. Mai yiwuwa mutumin aiki ne ya yi masa yawa.

Hajiya_Biro: Malam, Allah ya ƙara lafiya, maganarka tana da nauyi kuma ban musa ta duka ba. Akwai mutanen da ba a tura musu irin wannan saƙo sam. Sarki ko hakimi ko babban malami, ta hannun wanda ke tsaye a ƙofarsa ake bi, a je da ƙafa a yi gaisuwa. Amma ko a can, wanda ke tsaye a ƙofar abu uku zai tambaya: maganar mene ce, ku nawa ne, yaushe kuke iya zuwa. Shi za a ba wa lokutan uku.

Wannan kuwa ma'aikaci ne mai biro da ajanda. A wurinsa "duk lokacin da ka ga dama" yana nufin kai ka yi tunanin, kai ka nemo ranar, kai ka rubuto. Ka duba lafazin da na yi amfani da shi: "ga lokutan da muke iya zuwa". Labarin kanmu muka ba shi, ba mu yanka masa komai ba. Sannan ƙofar tana buɗe a layin ƙarshe, in bai so ko ɗaya ba ya faɗi nasa. Gaisuwa kuma a ƙara layi ɗaya babu laifi, "da fatan an tashi lafiya, ya aiki". Abin da nake hanawa shi ne a tura gaisuwar ita kaɗai a tsaya jiran amsa kafin a faɗi buƙata, ko ta yi tsawon da in saƙon ya faɗo a saman waya, gaisuwar kawai za a gani.

Malam_Na_Bagalam: To, da wannan lafazin na "muke iya zuwa" abin ya yi sauƙi. Amma maganar "ko da harafi ɗaya ka amsa ya isa" har yanzu ba ta kwanta mini ba. Ni da zan ce "wanda ya fi maka sauƙi a ciki, sai ka sanar da mu". Mai hankali zai gane harafin zai turo.

AyaMaiDaɗi: Salam. Ni ma ina da irin wannan matsala. Ƙungiyarmu ta mata masu sana'ar aya mu 35 ne, duk wata sai na tura a guruf cewa yaushe za mu yi taro, kowa ta faɗi nata, a yi kwana uku ana ja. To in na ba su A, B, C ɗin nan zai yi?

Rabi_Kwantabul: @AyaMaiDaɗi yaya, taki daban ce da ta Sakatare. Shi mutum ɗaya yake roƙo wanda in babu shi babu ganawar. Ke kuwa mutum 35, babu ranar da za ta yi wa kowa daidai. Ki ware waɗanda dole sai da su, shugaba da ma'aji da duk wadda ke riƙe da littafin adashi, ki tura wa su kaɗai lokuta uku. In sun tsaida ɗaya, sauran sanarwa za ki yi musu: rana kaza, ƙarfe kaza, gidan wance, awa ɗaya, maganar kaza. Amsar da kike nema daga gare su "zan zo" ko "ba zan samu ba". In kuma dole sai kowa ta zaɓa, WhatsApp yana da wurin ƙuri'a a cikin guruf, ki sa zaɓi uku ki faɗi ranar rufewa. Tunda ma duk wata ne, ku tsaida rana ɗaya ta dindindin, misali Lahadin farko ta kowane wata bayan la'asar, ku huta.

Sakataren_Gyaɗa: Na gode ƙwarai. Tambaya kan ajandar: gaskiya abubuwan da muke son tattaunawa sun fi biyu. Akwai yawan ruwan da za a ɗora, akwai kashi nawa na kuɗin kayan za su ba mu, akwai wa zai riƙe makulli na biyu, akwai lokacin biya, ga kuma wasu membobi da ke son a sa wake tare da gyaɗa. In rubuta duka? Kuma minti 30 zai isa kuwa?

Hajiya_Biro: Kada ka rubuta duka, kuma dalilin shi ne ba duka ne na wannan zaman ba. Ka tambayi kanka: mene ne in muka fito daga biro ɗin ba a tsaida shi ba, zuwan ya zama banza? Shi ne ko za su karɓi dosiyenku, da ranar duba mangaza. Ruwa da kashi da wa'adin biya galibi a rubuce suke a tsarin asusun, mai kula da rance zai iya ba ku a takarda. Maganar makulli kuwa an san yadda warantaji yake, kwaɗo biyu ne a ƙofa, ɗaya na ƙungiya ɗaya na mai ba da rance, sunan wanda zai riƙe sai bayan an duba mangaza. In ka jera abu bakwai, mutumin zai ga zaman awa biyu ne aka lulluɓe da sunan minti 30, sai ya ɗage shi zuwa ranar da ba ta zuwa.

Yadda ake rubuta abin ma yana da tasiri. "Maganar warantaji" take ne kawai, ana iya yini a kai. "Ko asusunku zai karɓi dosiyenmu bana" tambaya ce mai e ko a'a. Da ya karanta ya san abin da za a nema a bakinsa, ya san takardar da zai duba kafin ku zo. Wani lokacin ma yakan ga ba sai an zauna ba, ya amsa a nan take ko ya tura ku wurin wanda ya dace. Wannan ma riba ce, kun tsira da kuɗin mota.

Minti 30 ɗin ga yadda yake tafiya. Biyar na farko gaisuwa da gabatar da juna, kuma kada ka yi lissafi kamar babu su, a Maradi muke. Biyar shugabanku ya faɗi adadin membobi, buhu nawa, mangazar a ina take. Goma sha biyar tambayoyinsa da amsoshinku, nan ne asalin zaman. Biyar na ƙarshe a maimaita abin da aka tsayar da wanda zai yi mene. In ka ga abin da ke gabanka ba zai shiga wannan ba, ka nemi minti 45 tun farko. Wanda ya nemi 15 don a yi saurin amsa masa sannan ya zauna awa guda, saƙonsa na gaba ba a yarda da lissafinsa.

Wake kuma ka sa shi a matsayin bayani, rabin layi: "buhu 240 na gyaɗa, da yiwuwar ƙarin wake." Ya isa.

Rabi_Kwantabul: Ƙari kan wannan. Ka haɗa takarda ɗaya, shafi ɗaya tak, mai sunan ƙungiya, lambar rajistarta, yawan membobi, yawan buhu, da inda mangaza take. Amma saƙon ya tsaya da ƙafarsa ko ba a buɗe takardar ba. Kuskuren da nake yawan gani shi ne a rubuta wasiƙa mai kyau a buga mata hatimi, a ɗauki hotonta a tura, lokutan da ajandar duk suna cikin hoton. Sai mutum ya sauke hoto, ya buɗa shi da yatsu yana karanta rubutu a karkace. In rezo ba shi da ƙarfi ma ba zai sauka ba. Wasiƙa mai hatimi a kai ta biro a ajiye wurin sakatariya, lokutan kuma a rubuta su a jikin saƙon.

Injiniya_Rezo: Bari in taɓo ɓangaren na'ura, don nan ma ana faɗuwa. In ta SMS za ka tura, saƙo ɗaya harafi 160 yake ɗauka. Amma da ka sa harafi mai lanƙwasa ko ɗaya, ƙ ko ɗ ko ɓ, wayar takan sauya tsarin rubutun, saƙo ɗaya ya koma harafi 70 kawai. Dogon saƙon Hajiya sai ya rabu kashi-kashi, kuɗin ya ƙaru. Don haka na SMS a rubuta shi da haruffa marasa lanƙwasa, a taƙaice:

"Sallama. Kungiyar gyada Tibiri na neman minti 30 kan warantaji. 1) Talata 11/11 10h 2) Laraba 12/11 11h 3) Alhamis 13/11 15h. A amsa da 1, 2 ko 3."

Wannan bai kai 160 ba. In imel ne kuma, layin take shi ne rabin aikin: "Neman ganawa minti 30, warantaji, 11 zuwa 13 ga Nuwamba". Take irin "Gaisuwa" ko "Neman alfarma" ba ya gaya wa kowa komai.

Hajiya_Biro: Injiniya, lissafin haruffan na karɓa, ban san shi ba sai yau. Amma lambobi a matsayin zaɓi ina da ja. In mutum ya amsa "2", zaɓi na biyu yake nufi ko ƙarfe 2? In ya ce "3 ya yi", a naka misalin an yi sa'a zaɓi na uku ƙarfe 3 ne, amma ba kullum ake wannan sa'ar ba. Saƙon ya riga ya cika da lambobi, na rana da na wata da na awa. A, B, C ba sa rikicewa da komai.

Injiniya_Rezo: Na yarda, a mai da su haruffa, tsawon bai canza ba. Tunda an zo kan lambobi, 12/11 a wurinmu 12 ga Nuwamba ne, amma wanda ya saba da tsarin Amurka zai karanta 11 ga Disamba. In da baƙo a cikin masu karɓar saƙon, a rubuta sunan watan. Kuma kullum a haɗa sunan rana da kwanan wata, a duba kalanda kafin a tura. In ka rubuta "Laraba 13" alhali 13 Alhamis ce, amsar da za ka samu tambaya ce, layi ɗayan ya lalace. Haka "jibi" da "mako mai zuwa": saƙon da aka rubuta ran Lahadi da dare aka karanta ran Talata, jibinsa ya zama wata rana.

In ganawar ta waya ce da wani a ƙasar waje, a rubuta "agogon Nijar". Mu da Najeriya da Bénin agogonmu ɗaya. Wagadugu, Bamako, Lome, Abidjan da Dakar suna bayanmu da awa ɗaya. Paris kuma daidai take da mu daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, sauran watannin tana gabanmu da awa ɗaya, shi ya sa wanda ya saba da lissafin Janairu yake kuskure a Yuni.

ƊanZariya2: Ni fa duk wannan ƙarfe kaza da rabi, mutanenmu da sallah suke lissafi. Ka ce masa bayan azahar ko bayan la'asar, kowa ya gane. Sannan akwai dabarar da ke kashe jira gaba ɗaya: ka rubuta "in ban ji daga gare ka ba, za mu zo Talata ƙarfe 10." Shi ke nan ko bai amsa ba an gama.

Rabi_Kwantabul: A'a ɗan'uwa, wannan ta biyun kada Sakatare ya gwada ta. Tana aiki tsakanin abokan aiki da suka saba, ko daga shugaba zuwa na ƙasa da shi, inda an riga an yarda za a zauna, rana kawai ake nema. Mutumin da bai taɓa ce maka e ba, shirunsa ba izini ba ne. Za ku biya kuɗin mota mutum uku ku tarar ya tafi Yamai, ko ku tarar yana nan amma ransa a ɓace. A nan maganar Malam ta ladabi take da cikakken ƙarfi.

Lissafi da sallah kuwa rabi da rabi. A san da ita wajen zaɓen lokaci, ƙwarai: shi ya sa C ɗin Hajiya yake ƙarfe 3, an dawo daga azahar, la'asar ba ta yi ba. Amma "bayan azahar" shi kaɗai, wani masallacin ya riga wani, wani mutumin daga sallah sai abinci. Tazarar tana iya kai awa. Ga ɗan kasuwa a shagonsa babu damuwa, yana nan dai. Ga mai biro a haɗa biyun: "bayan azahar, ƙarfe 3".

Mai_Shago_Sabongari: Ni tambayata, wanda ba ya karatun boko fa? Yawancin Alhazan da muke hulɗa da su a kasuwa saƙon murya suke saurare.

Hajiya_Biro: Tsarin bai canza ba, sai dai a rage. Murya kada ta wuce rabin minti, kuma lokaci biyu maimakon uku, don kunne ba ya komawa baya ya duba kamar ido. Ka gaisa, ka faɗi ko kai wane ne, maganar, tsawon zaman, sannan "Talata da hantsi ƙarfe 10, ko Alhamis bayan azahar ƙarfe 3", ka maimaita ranakun sau ɗaya a ƙarshe. A nan ba a cewa A ko B, sunan ranar shi ne amsar, shi ya sa kada lokutan biyu su faɗo rana ɗaya. Sannan ka bi muryar da rubutaccen layi mai ranakun, don yaronsa ko ɗansa da ke duba masa waya ya gani.

Sakataren_Gyaɗa: Jama'a, na kira shugaba da ma'aji sun tabbatar da ranakun uku. Na tura saƙon Hajiya, na ƙara layin gaisuwa, na sa lafazin Malam na "wanda ya fi maka sauƙi", na kuma sa layin Malama Rabi na Juma'a. Da yamman nan ya amsa: "B. Ku zo da takardar rajista." To yanzu in yi shiru ke nan sai Laraba, ko akwai abin da ake mayarwa?

Hajiya_Biro: Alhamdu lillahi. Kada ka yi shiru, kuma kada ka tsaya a "to na gode" kawai. Shi harafi ya turo, bayan kwana biyar ba zai tuna B mene ne ba sai ya koma sama ya nema. Ka mayar masa da cikakken lokacin a layi ɗaya: "Na gode ranka ya daɗe. Laraba 12 ga Nuwamba, ƙarfe 11 zuwa 11 da rabi, a biro ɗinka, mu uku, da takardar rajista, in sha Allah." Wannan layin shi zai gani in ya buɗe hirar, shi kuma zai tura wa sakatariyarsa ta rubuta. Yanzu-yanzu kuma ka sanar da mutanenka cewa Talata da Alhamis sun kwance. Ran Talata da yamma ka tura tuni gajere, ba tambaya ba, don in ka ce "ko muna nan a kan gobe?" ka sake buɗe abin da aka rufe. Ka ce "Muna tafe gobe ƙarfe 11 in sha Allah."

ƊanZariya2: Amma fa a lura, mai yiwuwa saƙo na biyu ne kawai ya tuna masa, ko da tsohon aka sake turawa da ya amsa.

Rabi_Kwantabul: Yana yiwuwa ya amsa, amma da "wace magana ce?" zai amsa. Kuma ba zai ce a zo da takardar rajista ba, tunda bai san abin da ke tafe da su ba.

Malam_Na_Bagalam: Madalla da an samu amsa. Ni dai har yanzu ina ganin layin nan na "kafin Juma'a" da an bar shi, ga wanda ya girme ka kuma kai ke nema a wurinsa. Wannan ya karɓa, wani ba zai karɓa ba. Sakatare, ku isa da minti goma kafin lokaci, kuma ka bar shugabanku ya fara magana.

Rabi_Kwantabul: Malam, in an cire layin, mutum uku za su riƙe kwana uku ba su san ranar kwancewa ba. Sai dai in Sakatare zai kira sakatariyar biro ɗin ran Juma'a da safe ya tambaya da baki, wannan zai iya maye gurbinsa.

AyaMaiDaɗi: Ni ma na tura wa mutum ukun nan kamar yadda aka ce. Shugaba ta ce A, ma'aji ta ce C, mai littafi ba ta amsa ba tukuna. Yanzu wanne zan ɗauka?

Hajiya_Biro: Ƙanwata, in mutum fiye da ɗaya ake tambaya, ba a cewa su zaɓi ɗaya, cewa ake su faɗi duk waɗanda suke iyawa, amsa ta zama kamar "A da C". Ki koma wurin ma'aji ki tambaye ta ko A ma tana iyawa, in ta ce a'a ki tambayi shugaba ko C zai yi mata. Mai littafi kuma ki kira ta a waya bayan magariba.